Wasiƙar Malamar Turanci: Minti Ashirin na Karatu, Labari Ranar Alhamis

Galibin takardun da yaro ke kawowa gida daga makaranta iri biyu ne: ko ana neman kuɗi, ko ana neman uba ya zo saboda an yi laifi. Shi ya sa da zarar yaro ya zaro takarda daga jaka, tun ba a buɗe ta ba gaban mahaifi ya riga ya faɗi. Akwai kuwa iri na uku, wanda bai cika zuwa ba, inda malami ke neman iyaye su kama masa wani aiki a cikin gida. Wadda za mu duba a nan wata malamar Turanci ce ta rubuta ta, mai koyar da aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wata makarantar jeka-ka-dawo, da ɗalibai sittin a gabanta. Takarda ɗaya ce tak, gaba Hausa, baya Turanci. Ga abin da ke ciki:

"Assalamu alaikum, iyayenmu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ku cewa daga wannan mako, duk ranar Litinin yaronku zai dawo gida da littafin labari na Turanci guda ɗaya, aro daga akwatin ajinmu, tare da kati. Abu uku nake roƙo. A ba yaro minti ashirin ya zauna ya karanta, sau biyar a mako. Ranar Alhamis da yamma a sa shi ya rufe littafin ya ba ku labarin abin da ya karanta, da Hausa. Bayan nan sai a sa hannu a katin, ko a dangwala yatsa. Ba sai kun iya Turanci ba. Wannan ba jarrabawa ba ce, babu maki a cikinta, kuma don Allah kada a doki yaro a kanta. Idan littafin ya yi masa wuya, a bar shi ya dawo da shi in canza masa. Wanda yake son ganin irin littattafan da ke cikin akwatin, ƙofar ajinmu a buɗe take duk ranar Litinin da safe."

Wasiƙar gajeriya ce, amma kowane layi nata akwai dalili a bayansa, kuma mahaifin da ya san dalilin ba ya buƙatar a tuna masa.

Me minti ashirin zai yi?

Mu fara da lissafi, domin shi ne ya fi saurin gamsar da mutum. A littafin Turancin da ake koyarwa da shi a aji, kowane darasi yana zuwa da ɗan nassi na auna fahimta, wanda da wuya ya wuce kalmomi ɗari huɗu. Idan ana yin guda a mako, a makonni goma na zango, wato in an cire makon dawowa da na bita da na jarrabawa, yaro ya karanta kalmomi kamar 4,000 ke nan. Ga yara da yawa wannan shi ne iyakar Turancin da idonsu ke bi a jere cikin wata uku, in ban da abin da suke kwafa daga allo.

Yanzu ɗauki yaron da ke karanta kalmomi 80 a minti ɗaya, wanda ba gudu ba ne. A minti ashirin ya karanta 1,600. Sau biyar a mako, 8,000. A makonni goma, 80,000. Ninki ashirin ke nan na abin da littafin aji ya ba shi, ba tare da an ƙara masa awa ko ɗaya a makaranta ba.

Yawan yana da amfani ne saboda yadda harshe ke shiga kai. Kalmar da malami ya rubuta a allo, aka kwafa da ma'anarta, aka haddace don gwajin Juma'a, takan gudu kafin wata Juma'ar. Wadda yaro ya yi ta karo da ita a cikin labari, yau a bakin wannan, gobe a bakin wancan, har ya gane inda ake sa ta da inda ba a sa ta, ita ce ke zama tasa. Haka ma ginin jimla. Yaron da ya ga dubban jimlolin Turanci daidaitattu yakan ji kuskure ya tsaya masa a kunne tun bai san sunan ƙa'idar da aka karya ba.

An gwada wannan a wurin da halinsa ya yi kama da namu. A ƙasar Fiji, a shekarar 1980, wasu masana biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, sun zaɓi makarantun karkara takwas waɗanda kusan babu littattafai a cikinsu, inda yara ke magana da harshen gida amma ake koyar da su Turanci a makaranta. Aka wadata 'yan aji huɗu da aji biyar na firamare, su 380, da littattafan labari 250 masu daɗin karatu, aka ware wani ɓangare na darasin Turanci na kullum domin karanta su. Bayan wata takwas, ci gaban da suka samu wajen fahimtar abin da suka karanta ya kai ninki biyu na abin da aka saba gani. Da aka ci gaba zuwa shekara ta biyu, sai ribar ta bayyana har a nahawu da rubutu. An buga sakamakon a 1983, kuma har yau malaman da ke koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne suna kafa hujja da shi.

Sai kuma dalilin da ya sa ake rarraba lokacin maimakon a tara shi. Wani uban zai ce, minti ɗari ne a mako, bari ya yi su gaba ɗaya ranar Lahadi. Yaron da bai saba ba hankalinsa ba ya kai wa can. Bayan rabin awa ido ne kawai ke bin layi. Kuma kalmar da ya gani ranar Talata tana buƙatar ya sake ganinta ranar Laraba, tun ba ta dushe ba. Iyayenmu sun san wannan tun daga makarantar allo, inda ake biya kaɗan kullum, ba a tara karatun mako a yi shi rana ɗaya. Sai dai kamancin ya tsaya a nan: wannan karatu ba hadda ba ce. Ba a son yaro ya maimaita shafi har ya zauna masa a ka. So ake ya gane ya wuce gaba.

Littafi mai sauƙi shi ne daidai

A nan ne malamar ta fi shan ƙorafi, kuma daga iyayen da suka yi boko. Uba ya ga ɗansa na sakandare riƙe da ɗan siririn littafi mai manyan haruffa da hotuna, sai ya ji kamar an raina masa yaro. Ni kuwa ina ganin wannan layin, wanda ya ce a dawo da littafin idan ya yi wuya, shi ne mafi daraja a cikin wasiƙar.

Binciken da Marcella Hu da Paul Nation suka wallafa a 2000 ya nuna cewa kafin mai koyon Turanci ya karanta labari shi kaɗai ya fahimce shi sosai, sai ya kasance ya san kimanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke ciki. Wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin kowace hamsin. A shafi mai kalmomi ɗari biyu, baƙi huɗu ke nan. Idan suka kai ashirin a shafi, yaro ba ya iya cankar ma'anar wata daga maƙwabtanta, domin su ma maƙwabtan bai san su ba. Sai ya daina bin labari ya koma kokawa da kalmomi, kafin kwana uku littafin ya koma ƙasan jaka.

Akwai hanya mai sauƙi ta aunawa, wadda malamar ke koya wa yara tun ranar farko, kuma ana iya yin ta a gida. Yaro ya buɗe littafin a tsakiya, ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da bai sani ba ya ɗaga yatsa guda. Idan ya kai ƙarshen shafi da yatsa biyu ko uku, littafin nasa ne. Idan yatsu biyar suka ƙare shafi bai ƙare ba, a mayar a ɗauko wani. Sunayen mutane da na garuruwa ba sa cikin ƙirga.

Ga yadda abin ya kasance da wata yarinya a ajin, 'yar shekara goma sha biyu. Ranar farko ta ɗauki The Passport of Mallam Ilia, na Cyprian Ekwensi, wanda aka buga a 1960, saboda ta ga sunan da ta sani a bango. Littafi ne mai jan hankali, labarin ɗaukar fansa ne da ya faru a ƙasarmu ta Arewa, kuma marubucin a Minna aka haife shi. Amma da malama ta sa ta karanta a bayyane na minti ɗaya, tana duba agogo, kalmomi 70 ta kai, ta yi tuntuɓe a shida. Wato 64 ne daidai, kashi 91 cikin ɗari. A jarrabawa wannan maki ne na yabo, a karatun labari kuwa yana nufin duk layi ɗaya ko biyu sai ta ci karo da dutse. Aka canza mata da ɗaya daga cikin ƙananan littattafan nan da ake rubutawa musamman da taƙaitattun kalmomi, mataki-mataki, domin masu koyo. A shi ta karanta kalmomi 85 a minti ɗaya da kuskure biyu, kusan kashi 98. Malama ta rubuta lambobin biyu a rajistarta, ta ce mata Malam Iliya yana nan yana jiranta, ba inda za shi.

Darasin Litinin ɗin kansa minti arba'in ne. Goman farko na mayar da littafi da ɗaukar sabo, monitoci biyu suna rubuta lambar kowane littafi a gaban sunan mai ɗauka. Daga nan aji ya yi tsit na minti ashirin, kowa da nasa, ita kuwa malama tana kiran yara shida ɗaya bayan ɗaya zuwa teburinta, kowa ya karanta mata na minti ɗaya, ta yi masa tambaya ɗaya ko biyu. Shida a mako, cikin makonni goma ta saurari duka sittin. Ragowar minti goman yara ke juyawa bibbiyu, kowa ya gaya wa na kusa da shi ko littafin da ya mayar ya cancanci a ɗauka. Yaro ya fi yarda da shawarar abokinsa a kan littafi fiye da ta malami, kuma malamar ta san haka.

Yammacin Alhamis

Ba a banza aka zaɓi Alhamis ba. A al'adarmu Alhamis da Juma'a ne hutun makarantar allo, Islamiyyu da dama ma haka suke, saboda haka yammacin wannan rana ne yaro ke gida babu gaggawar fita.

Abin da ake nema a wurin iyaye a nan shi ne kunne. Mahaifin yarinyar nan direban babbar mota ne, bai yi boko ba, amma ya sha kai kaya Kudu. A mako na bakwai ta kai matsayin ɗaukar Chike and the River, ɗan littafin da Chinua Achebe ya rubuta wa yara a 1966. Bayan la'asar yana zaune a ƙofar ɗaki a kan tabarma, ta zo ta durƙusa da littafin a rufe a hannunta.

"To, Uwata, ina aka kwana?"

"Baba, wani yaro ne aka kai shi Anacha wurin kawunsa. Kullum yana ganin kogi, yana son ya haye zuwa Asaba."

"Me ya hana shi?"

"Ba shi da kuɗin jirgin fito."

"Ashe kafin a yi gada ne. Ni ta kan gada nake bi. To ya samu kuɗin?"

"Ban kai wurin ba tukuna."

"Ke a ganinki ta ina zai samo?"

Ta yi shiru, sannan ta fara kawo nata hasashen. Hirar ba ta wuce minti biyar ba. Uban bai gyara mata ko kalma ɗaya ta Turanci ba, ba zai iya ba ma. Amma ya yi tambayoyi ukun da suka isa: wa ake magana a kansa, me yake so kuma me ya tare shi, sannan me kike tsammani zai faru. Yaron da bai karanta ba yana iya ƙirƙiro amsar ta farko daga hoton bango. Ta biyu da ta uku kuwa sai wanda ya bi labarin.

Wani zai tambaya, darasin Turanci ne, me ya kawo Hausa? Dalili biyu ne. Na farko, idan aka ce yaro ya ba da labari da Turanci, abu biyu ake aunawa lokaci guda, fahimtarsa da iya maganarsa, kuma in ya kasa ba za a san wanne ne ya gaza ba. Yara da yawa suna gane abin da ya fi ƙarfin bakinsu nesa ba kusa ba. Na biyu shi ya fi muhimmanci. Yaranmu suna da ƙarfin hadda, sun saba riƙe dogon nassi da ka. Yaro yana iya zuba maka sakin layi guda na Turanci babu tuntuɓe, ka yi ta murna, alhali bai san me ya faɗa ba. Da Hausa babu wannan maɓoya. Kafin ya juya labarin zuwa harshen gida dole ya bi ta cikin ma'ana. Kuma aikin da yake yi a lokacin, na tsamo muhimmin abu ya bar ƙananan bayanai, shi ne dai wanda za a nema a wurinsa bayan shekara shida a tambayoyin auna fahimta da na taƙaitawa a jarrabawar WAEC ko NECO, inda rashin kiredit a Turanci ke tsayar da ɗalibi a ƙofar jami'a. Hukumar JAMB ma takan sa littafin labari guda da kowane mai neman gurbi zai karanta, irin su The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka yi shekaru ana tambaya a kansa. Wanda bai taɓa kai littafi ƙarshe ba sai a wannan lokacin, yakan ɓuge da neman taƙaitaccen bayani a waya.

Saboda haka uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya wannan aiki sarai, tana tankaɗe ko tana tsinke zogale. Kaka ma ta iya, wataƙila ta fi kowa, don ta san inda labari ya yi giɓi. Kuma idan aka ga yaro da Magana Jari Ce ko wani littafin Hausa mai kyau, kada a ƙwace a ce yana ɓata masa Turanci. Zama da littafi, bin zaren labari, juriyar kai wa ƙarshe, duk abu ɗaya ne a kowane harshe, kuma wanda ya saba a Hausa ya fi saurin sabawa a Turanci. Sharaɗin kawai shi ne kada ya ci minti ashirin ɗin nan.

Inda abin ke lalacewa

Katin shi ne wuri na farko. Layi biyar ne a mako: kwanan wata, daga shafi kaza zuwa shafi kaza, da jimla ɗaya a kan abin da ya faru. A ƙasa akwai gurbin sababbin kalmomi uku da na sa hannu. Kafin a yi wata guda wasu yara sun gano cewa ana iya cika shi a bakin ƙofar makaranta ranar Litinin da safe. Ana gane irin wannan kati: biro ɗaya, rubutu iri ɗaya na gaggawa, kullum shafi goma cif ba ragi ba ƙari, jimlolin kuma an kwaso su daga bayanin da ke bayan littafi. Katin gaskiya ba ya da kyan gani. Yau shafi huɗu, gobe goma sha ɗaya don labari ya yi daɗi, jibi babu komai don an yi baƙi. Shi ya sa malamar ta ƙi sa maki a kan yawan shafuka, kuma na goyi bayanta. Ranar da aka ce mai shafi ɗari ya fi mai shafi talatin maki, ranar aka koya wa yara ƙarya. Iyaye kuma su sani, sa hannu ba tare da an saurari labari ba ya fi rashin sa hannu illa, domin yana rufe wa malama ido daga yaron da ke buƙatar taimako.

Na biyu shi ne gidan da ake da mai ilimi. Yaya ko kawu ya zauna kusa da yaro da ƙamus, duk kalma sai an tsaya an duba, duk lafazi sai an gyara, wani lokaci da tsawa. Cikin minti ashirin ba a gama shafi ɗaya ba. Ƙa'idar malamar ita ce yaro ya wuce baƙuwar kalma in dai labarin bai tsinke masa ba, ya ɗiga mata alama da fensir, in ya gama zama ya zaɓi wadda ta fi damunsa ya duba. Uku a mako sun isa. Batun duka kuwa, yaron da aka zane a kan littafi zai koyi riƙe shi a gaban fuska idan ya ji takun babba, shi ke nan abin da zai koya.

Na uku lokaci ne da haske, kuma a nan ne ake gane gidan da ya ɗauki abin da gaske. Yaro ya taso makaranta da azahar, ya ci abinci, ya tafi Islamiyya, ya dawo dab da magariba. Namiji yakan samu sarari. Mace kuwa wanke-wanke na jiranta, da raino, da aike, wata ma da talla. Idan ba uwa ce ta buɗe baki ta ce daga yanzu zuwa kiran isha'i kada wanda ya aike ta ba, minti ashirin ɗin ba za su samu ba. A tsayar da lokaci guda da kowa a gidan ya sani, ko tsakanin magariba da isha'i, ko bayan asuba kafin a fara shirin makaranta, wanda ya fi dacewa da gidan da ba a cika samun wuta ba. Fitila mai caji guda ta isa, in an tuna an yi mata caji. Tocilan waya ma tana yi, sai dai wayar ta zauna a hannun babba.

Akwai kuma iyakar wannan tsari, wadda ya kamata a faɗe ta a fili. Karatun shiru yana ƙara wa mai iya karatu ƙwarewa ne, ba ya koya wa wanda bai iya ba. Wani kwamitin masana da aka kafa a Amurka ya fitar da rahoto a 2000, inda ya ce bai sami isasshiyar hujjar cewa barin yara su yi ta karatun shiru su kaɗai yana gyara karatunsu ba, amma ya sami hujja mai ƙarfi a kan karatu a bayyane, ana maimaitawa, wani yana saurare yana gyarawa. A ajin mutum sittin da suka fito daga firamare daban-daban, ba a rasa waɗanda har yanzu haɗa baƙi suke yi. Alamominsu a bayyane suke: yatsa a kan kowace kalma, leɓe na motsi, ya kalli harafin farko ya canki sauran, minti ashirin shafi bai juya ba, ranar Alhamis kuma ya ce ya manta. Wani yana karanta Hausa lafiya lau, Turancin ne ke ruɗa shi, domin a rubutun Hausa kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, a Turanci kuwa harafi guda yana iya sauya sauti daga kalma zuwa kalma. Harafin c kaɗai ya isa misali: yadda muke furta shi a "ciki" ba haka Bature ke furta shi ba, kuma shi ma ba hanya ɗaya yake bi da shi ba.

Irin wannan yaro ba malalaci ba ne, kuma ƙara masa minti ba zai yi magani ba. Abin da malamar ke yi shi ne ta ba shi ɗan sakin layi na kalmomi hamsin zuwa ɗari, ta karanta masa yana bi da ido, sannan a gida ya karanta shi a bayyane sau uku ko huɗu a gaban wani yaya ko maƙwabci da ya iya, wanda zai faɗa masa kalmar da ta tsaya masa ba tare da dogon bayani ba. Gobe a ɗauki wani sakin layin. Idan kuma yaro yana kai littafi dab da hanci, ko yana runtse ido, ko yana kukan ciwon kai duk lokacin da ya zauna karatu, a kai shi a duba idonsa kafin a zarge shi da komai. Abin da ya rage wa iyaye shi ne su sanar da malama da wuri. Layi ɗaya a bayan kati ya isa, ko saƙon murya, maimakon a jira sai layin sauraronsa ya zo a mako na tara.

Da a ce ni zan ƙara wani abu a wasiƙar, batun ɓatan littafi zan ƙara, don ta yi shiru a kansa, kuma shirun yana tsorata iyaye. Akwai gidan da za a karɓe littafin a kulle a akwati har Litinin, gudun kada ƙanne su yaga a ce a biya. Gara a faɗa tun farko cewa littafin da ya tsufa saboda karatu ba a biyansa, a sa shi a leda saboda ruwa da miya, wanda ya ɓata kuma a zo a yi magana, ba za a kori yaro a kansa ba. Haka nan gayyatar da ta yi ta zuwa ganin akwatin a ɗauke ta da gaske. Uba yana da haƙƙin sanin abin da ake ba 'yarsa ta karanta, kuma gara ya zo ya juya littattafan da hannunsa, ya tambayi abin da ke ciki, da ya hana daga nesa saboda zato.

Akwatin nata littattafai saba'in ne na yara sittin. Goman da suka ƙaru su ne ke ba na ƙarshe a layi damar zaɓi, shi ma kada ya tarar da guda ɗaya tilo. Fiye da rabinsu masu sauƙi ne ƙwarai, domin a nan yawancin ajin suke a zangon farko, an kuma manna wa kowanne ɗan tef mai launi a ƙugu gwargwadon wuyarsa, yadda yaro zai san daga inda zai fara lalube. Wasu ƙungiyar iyaye da malamai ce ta saya, wasu tsofaffin ɗalibai suka kawo daga gida. Mai saurin karatu zai cinye na matakinsa kafin zango ya ƙare, saboda haka ta shirya da malamin ɗaya ajin su yi musayar akwati bayan hutu. A makon farko na sabon zango za ta sake sauraron yarinyar nan na minti ɗaya, a littafin Malam Iliya, a shafin da ta karanta ranar farko, ta rubuta sabuwar lamba kusa da 64 ɗin da ke cikin rajista. Idan kurakuran sun sauko zuwa ɗaya ko biyu, ta tafi da shi gida. Idan ba su sauko ba, akwai sauran littattafai a matakin da take, sai a sake gwadawa a tsakiyar zango.